Kumburin Ƙafa Ɗaya: Gudan Jinin da Ke Tasowa Daga Sharaɓa Ya Toshe Huhu

Mu ƙaddara wani tela ne mai shekara 56. An yi masa aikin ciki a asibiti, aiki ya yi kyau, aka sallame shi bayan kwana biyar. Da ya koma gida, iyali suka shimfiɗa masa katifa a ɗaki, suka hana shi ko ɗaga buta. Abinci a kawo masa, ruwan alwala a kawo masa, salla a zaune, masu dubiya su shiga su fita yana kwance. Kowa ya zo maganarsa ɗaya ce: "Malam, ka dai huta, kada ɗinkin ya warware."

A kwana na goma da yin aikin ya wayi gari sharaɓarsa ta hagu ta yi nauyi, tana masa ciwo kamar jijiya ta ɗaure. Ya zura takalmi, na dama ya shiga, na hagu ya ƙi. Uwargida ta taɓa ƙafar ta ji ta da ɗumi, ta ce sanyi ne ya taru. Wani maƙwabci ya ce ko dai Malam ya taka wani abu ne. Aka ɗauko man zafi, babban ɗansa ya naɗe hannun riga yana cewa, "Baba, miƙo ƙafar in murza maka ita."

Wannan tausar ita ce abin da likita zai fi so a fasa. Mai yiwuwa abin da ke cikin ƙafar gudan jini ne da ya daskare a jijiya mai zurfi, wanda ma'aikatan asibiti suke gajarta sunansa da DVT. Idan wani yanki nasa ya ɓalle, huhu zai nufa kai tsaye. Kumburin ƙafar da sarƙewar numfashin da kan biyo bayansa ciwo ɗaya ne, a ƙafa yake farawa, a ƙirji yake kisa.

Yadda jini ke daskarewa a inda bai kamata ba

Daskarewar jini rahama ce. In ba don ita ba, yankan reza ma ya isa ya ƙarar da mutum. Da zarar jijiya ta ji rauni, wasu 'yan ƙananan ƙwayoyin jini suna ruguwa su manne a bakin raunin, sannan wasu sinadarai da hanta ke haɗawa su tayar da juna ɗaya bayan ɗaya har a saƙa wani zare mai suna faibirin. Zaren nan yana zama kamar taru, ya kama jajayen ƙwayoyin jini, ya toshe kafar. Jiki kuma yana da nasa masu tsawatarwa, sinadaran da ke hana saƙar wuce gona da iri, da waɗanda ke warware ta idan rauni ya warke.

Matsala tana zuwa ne idan aka yi wannan saƙa a cikin jijiyar da ba ta zubar da jini. Wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, shi ne ya nuna a tsakiyar ƙarni na 19 cewa gudajin da ake tararwa a huhun mamata daga jijiyoyin ƙafa suke tasowa. Har yau da sunansa ake kiran abubuwa uku da ke haddasa ciwon: jini ya rage gudu, bangon jijiya ya ji rauni, ko kuma jinin kansa ya zama mai saurin daskarewa.

Na farkon shi ya fi shafar telanmu. Zuciya tana tura jini zuwa ƙafa da ƙarfi, amma dawowarsa hawan tudu ne, kuma ƙarfin zuciya bai isa wannan aikin shi kaɗai ba. Tsokar sharaɓa ce ke taimakawa. Duk takun da mutum ya yi, tsokar tana matse jijiyoyin da ke tsakiyarta, jini ya yi sama, wasu 'yan marufai da ke cikin jijiyar su hana shi komawa ƙasa. Tela mai keken ƙafa yana wuni yana buga wannan famfo bai sani ba. Ranar da ya kwanta, famfo ya tsaya. Jini ya riƙa kwanciya a lungunan da ke bayan marufan nan, kamar yadda yashi ke taruwa a kwanar kwata idan ruwa ya rage gudu, kuma galibi a nan gudan ke soma ƙulluwa.

Sauran biyun ma sun same shi. Tiyata rauni ce, ko da likita ne ya yi ta, kuma bayanta jiki yana ƙara yawan sinadaran daskarewa na tsawon makonni don ya kare kansa daga zubar jini. Haka yake yi wa mai juna biyu yana shirin ranar haihuwa, ga mahaifa ta danne manyan jijiyoyin ƙugu. Haɗarin ya fi tsanani a makonni shida na farko bayan haihuwa, wato kusan daidai da kwana arba'in na jego, musamman ga wadda aka yi wa aiki aka ciro jaririn. Ciwon daji, ciwon sikila, tarin fuka, cutar ƙanjamau, ƙiba mai yawa da ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadarin istirojin duk suna karkata jini zuwa ga daskarewa. Karayar ƙafa kuwa, ko a asibiti aka sa siminti ko maɗori ne ya ɗaure ta da kara, tana haɗa rauni da rashin motsi wuri guda.

Doguwar tafiya ma tana cikin lissafi, sai dai ba ta kai tiyata ba. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 ya nuna cewa zama wuri ɗaya a tafiyar da ta kai awa huɗu ko fiye yana ninka haɗarin kusan sau biyu, amma duk da haka abin bai wuce mutum ɗaya cikin kimanin 6,000 ba. Wanda ya kamata ya fi kula shi ne matafiyin da ya riga ya ɗauko wani dalilin: dattijuwa mai ƙiba a jirgin alhazai, ko wanda bai daɗe da tashi daga jinya ba ya hau motar dare daga Kano zuwa Legas, gwiwa a lanƙwashe har gari ya waye.

Lissafin maki a gefen gado

A ce an fasa tausar, an sa Malam a mota an koma asibiti. Likita ba ya iya ganin cikin jijiya da ido, kuma yawancin masu zuwa da kumburin ƙafa ba gudan jini ne ke damunsu ba. Wani ƙwayar cuta ce ta shiga fata, wani tsoka ce ta yage. Wanda ƙafafunsa biyu suka kumbura tare kuwa, an fi zargin zuciya, ƙoda ko hanta. In aka ce kowa sai an yi masa hoto, kuɗi da lokaci sun tafi a banza. In aka dogara da hasashe kawai, za a sallami masu ciwon gaske. Don warware wannan ne wani likitan Kanada, Philip Wells, da abokan aikinsa suka tsara ma'aunin maki a shekarun 1990, suka gyara shi a 2003.

Abubuwa tara ne, kowanne maki ɗaya. Huɗu daga tarihin majinyaci suke: ciwon daji da ake kan jinyarsa, shanyewar ƙafa ko ɗaurin karaya, kwanciyar kwana uku ko fiye ko babbar tiyata cikin makonni 12 da suka wuce, da kuma taɓa yin irin wannan ciwon a baya. Biyar a jikin ƙafar ake ganinsu: zafi idan an danna bisa hanyar jijiya mai zurfi, kumburin ƙafa gaba ɗaya har cinya, sharaɓar da ta fi 'yar'uwarta kauri da santimita 3 ko fiye, kumburi mai loɓawa a ƙafa ɗaya kaɗai, da jijiyoyin saman fata da suka fito raɗau alhali da ba haka suke ba. Sai abu na goma mai ragewa: idan akwai wani ciwon da zai iya bayyana kumburin daidai da gudan jini ko fiye, a cire maki biyu.

Likita ya ɗauko tef irin wanda Malam ke ratayawa a wuya a shagonsa. Ya laluba ɗan tudun ƙashin da ke ƙasa da ƙoƙon gwiwa, ya sauko santimita 10, ya zagaya sharaɓa. Ta dama santimita 35, ta hagu 39. Bambanci huɗu, maki ɗaya ke nan. Ya danna babban yatsa a kan ƙwauri ya ɗaga, gurbin yatsan ya zauna a hagu, a dama babu: maki na biyu. Ya matsa tsakiyar sharaɓa zuwa bayan gwiwa, Malam ya ce "wash": na uku. Tiyatar kwana goma da suka wuce: na huɗu. Cinya ba ta kumbura ba, babu rauni ko ƙurji a fata, babu zazzaɓi, saboda haka ba abin cirewa. Maki biyu ko fiye yana nufin zargi ya yi ƙarfi. Malam yana da huɗu.

Makin bai ce yana da ciwon ba. Aikinsa shi ne ya nuna gwajin da ya dace a yi. Da maki ɗaya ne ko babu, da an fara da gwajin jini mai suna Di-daima, wanda ke auna ɓurɓushin da ke fita idan jiki yana warware zaren faibirin. In ya fito ƙasa ga mai ƙaramin maki, ana iya sallamarsa ba tare da hoto ba. Amma gwajin yana da hali guda: fitowarsa sama ba ta tabbatar da komai, domin tiyata, juna biyu, tsufa, ciwon daji da zazzaɓi mai tsanani duk suna ɗaga shi. Ga wanda aka yanka kwana goma da suka wuce, kusan tabbas sama zai fito, don haka biyan kuɗinsa asara ce. Mai juna biyu ma ba da wannan ma'aunin ake yanke mata hukunci ba, hoto ake yi mata kai tsaye idan an yi zargi.

Hoton kuwa da irin na'urar da ake duba cikin masu juna biyu ake yin sa. Mai hoton yana ɗora kan na'urar a matsematsi da bayan gwiwa, ya danna. Lafiyayyar jijiya mai dawo da jini tana lotsewa ta rufe ruf, kamar an matse tiyo maras ruwa. Wadda gudan jini ya cika ba ta lotsewa. Ta bayan gwiwar Malam ta ƙi lotsewa. Wurin yana da muhimmanci, domin gudan da ya tsaya can ƙasa a sharaɓa bai cika ɓallewa ba, amma wanda ya kai gwiwa ko cinya ya shiga babbar hanya. Inda hoton ba zai samu da wuri ba, ga kuma zargi mai ƙarfi, likitoci sukan fara magani kafin sakamako ya fito.

Idan gudan ya ɓalle

Da Malam ya zauna a gida, ga abin da ake tsoro. Jijiyoyin ƙafa suna ƙara faɗi ne yayin da suke hawa, har su zube a babbar jijiyar da ke shiga ɓangaren dama na zuciya. Gudan da ya ɓalle ba shi da abin da zai tare shi a wannan hanya. Sai ya wuce zuciya ya shiga jijiyoyin huhu, waɗanda suke rarrabuwa suna ƙanƙancewa kamar rassan bishiya, a nan yake maƙalewa. Iska tana shiga huhu lafiya lau, amma jinin da zai ɗauke ta bai iso ba. Shi ya sa mutum zai yi ta haki, likita ya sa abin sauraro a ƙirji ya ji shi garau, hoton ƙirji na yau da kullum ma sau da yawa ya fito ba wani abin a zo a gani.

Ƙaramin guda yakan kawo suka a gefen ƙirji idan an ja numfashi, wani lokaci da tari mai ɗan jini, abin da ke sa a ɗauka namoniya ce ko tarin fuka. Babban guda kuwa zuciya yake kayarwa. Ɓangarenta na dama bango ne maras kauri, bai saba tura jini ta hanyar da aka toshe ba. Sai ya buɗe ya gaji, jinin da ke isa sauran jiki ya ragu, mutum ya yanke jiki ya faɗi, wani lokaci a hanyarsa ta zuwa banɗaki bayan doguwar kwanciya.

Wells yana da ma'auni na biyu don huhu. A ce bayan kwana biyu an kawo Malam yana haki, bugun zuciyarsa 118 a minti. Alamun gudan jini a ƙafa maki 3 ne. Rashin wani ciwon da ya fi wannan dacewa da alamun, wasu 3. Bugun zuciya sama da 100 maki ɗaya da rabi, tiyata cikin makonni huɗu ma ɗaya da rabi. Jimla tara, alhali duk abin da ya haura huɗu zargi ne mai ƙarfi. Abin da ya rage shi ne hoton CT na jijiyoyin huhu, wanda ake yi bayan an zuba wani ruwa a jijiya don hanyoyin jinin su fito fili.

Labarin Serena Williams, gwanar wasan tanis ta Amurka, ya nuna yadda abin ke iya shige wa ma'aikatan lafiya duhu. Ta taɓa yin wannan ciwon a 2011. A watan Satumba na 2017 aka yi mata aiki aka ciro 'yarta, kuma saboda aikin ba ta kan maganin hana daskarewar jini da ta saba amfani da shi. Washegari numfashinta ya sarƙe. Kamar yadda ta bayar da labari daga baya, ita da kanta ta nemi a yi mata hoton CT a sa mata hefarin, amma aka fara da hoton ƙafafu, bai nuna komai ba. Da aka yi na huhun sai ga ƙananan gudaji da dama. Ƙafa tana iya fitowa wanke alhali huhu ya toshe, ko don gudan ya riga ya tashi gaba ɗaya, ko don daga jijiyoyin ƙugu ya taso. Bayan haka tari mai tsanani ya ɓarke mata ɗinki, aka tarar jini ya taru a cikinta, har sai da aka sa mata 'yar matata a babbar jijiya don tare gudaji. Cikin kwanaki kaɗan ta gamu da haɗarin ciwon da haɗarin maganinsa.

Maganin ba ya narkar da gudan

Mutane suna kiransu magungunan tsinka jini, amma jini ba ya tsinkewa kamar kunun da aka ƙara wa ruwa, kuma ba su ne ke narkar da gudan ba. Abin da suke yi shi ne dakatar da saƙar sabon zare, gudan ya daina girma, jiki ya samu sararin warware tsohon a hankali cikin makonni da watanni. Wannan ne dalilin da ya sa mafi ƙarancin lokacin shan su wata uku ne, ko da ƙafa ta saɓe tun a mako na biyu. Kuskuren da aka fi yi ke nan: kumburi ya tafi, kwalin farko ya ƙare, mutum ya ce ya warke.

Da yake ɗinkin Malam bai daɗe ba, sai da aka tuntuɓi likitan da ya yi masa aiki kafin a fara. Aka soma da allurar inoksafarin, wani nau'in hefarin da ake yi a ƙarƙashin fata. Da nauyin jiki ake auna ta, miligiram ɗaya ga kowane kilo, duk bayan awa 12. Nauyinsa kilo 70, don haka miligiram 70 safe da dare, bayan an tabbatar ƙodarsa lafiya, domin ta ƙoda maganin ke fita. Daga nan sai zaɓin abin da zai ci gaba da sha a gida.

Tsohon zaɓi shi ne wafarin. Asalinsa daga shanun Amurka da Kanada ne da suka riƙa mutuwa da zubar jini a shekarun 1920 bayan sun ci ruɓaɓɓiyar harawa. Masana a Jami'ar Wisconsin suka gano sinadarin, aka fara sayar da wani nau'insa a matsayin maganin ɓera a 1948, aka amince da shi ga mutane a 1954. Yana hana hanta amfani da bitamin K wajen haɗa sinadaran daskarewa, amma waɗanda ke cikin jini tun da farko sai sun ƙare da kansu, don haka yana ɗaukar kwanaki kafin ya kama. Dole a haɗa shi da allura aƙalla kwana biyar, har gwajin INR ya kai 2. Tsakanin 2 da 3 ake so ya zauna: ƙasa da haka gudan zai iya dawowa, sama da haka sosai jini zai iya ɓallewa. Wafarin yana da araha, amma yana son kulawa kamar jariri. Ganye irin su alayyahu da zogale suna da bitamin K. Ba a ce a daina cin su ba, a dai ci daidai yadda aka saba, kada a yi mako ba a taɓa ba sannan a wuni ana cin kwaɗo. Filajil da seftirin suna ƙara masa ƙarfi har ya yi ɓarna, rifamfisin na masu tarin fuka kuma yana karya shi.

Sababbin magungunan ba sa buƙatar wannan zirga-zirgar gwaji. Ribaroksaban ana shan miligiram 15 sau biyu a rana na kwana 21, sannan a koma miligiram 20 sau ɗaya, kuma tare da abinci, in ba haka ba jiki ba ya ɗaukarsa sosai. Afiksaban miligiram 10 ne sau biyu a rana na kwana bakwai, sannan miligiram 5 sau biyu. Sun fi tsada, kuma ƙarfinsu yana gushewa da sauri, wanda ya tsallake kwana ɗaya ko biyu ya zauna ba kariya. Rifamfisin su ma yana karya su. Mai juna biyu ba ta shan su, ba ta kuma shan wafarin saboda yana iya nakasa ɗan tayi, allura ce tata har ta haihu. Mai shayarwa kuwa tana iya amfani da allurar ko wafarin, amma ana kauce wa sababbin.

Saboda haka tambayar da likita ya yi wa Malam ba ta asibiti ce kaɗai ba. "Malam, tsakaninka da inda ake gwajin INR tafiyar nawa ce? Kuma in na rubuta mai tsadar, za a iya sayensa wata uku cur ba fashi?" Maganin da aljihu zai iya ɗauka har ƙarshe ya fi wanda za a fara a yar a hanya. 'Ya'yansa suka yi shawara suka ce za su ɗauki nauyin ribaroksaban.

Akwai magungunan da ke narkar da guda da gaske, irin su altifiles, wanda ake ɗura miligiram 100 a jijiya cikin awa biyu. Ana ajiye su ne don wanda zuciyarsa ta fara gazawa, awon jininsa na sama ya faɗi ƙasa da 90 ya ƙi tashi. Dalilin rowarsu shi ne ba sa bambanta mugun guda da na kirki: suna iya warware wanda ke riƙe da ɗinkin tiyata, suna iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa. Ga mutum irin Malam mai sabon yanka, gaba kura ce baya sayaki, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin kama ciwon tun yana ƙafa. Matatar da aka sa wa Serena Williams kuwa ta wanda ba zai yiwu a ba shi maganin hana daskarewa ba ce, kuma ana so a cire ta da zarar uzurin ya wuce.

Wata uku, sannan me?

Kafin a sallame shi, ma'aikaciyar jinya ta zaunar da shi da uwargida. Kada ya sha asfirin, ibufurofen ko dikulofenak don ciwon jiki, farasitamol ya wadatar. Ba ƙaho, ba cire haƙori sai an gaya wa mai yi cewa yana kan wannan magani, ba jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba. In ya ga bayan gida baƙi kamar kwalta, ko jini a fitsari, ko haɓon da ya ƙi tsayawa, ko ciwon kai mai tsanani bayan ya bugu, ya dawo a ranar, ko da tsakar dare ne. Sai ta juya ga uwargida: "Mama, ku bar shi ya riƙa takawa. Tunda an fara magani, tafiya ba ta tayar da gudan, kwanciyar ce ta kawo mu nan." Wannan ita ce rigakafin da ya kamata a yi tun farko: tashi a taka tun washegarin tiyata idan likita ya yarda, da ƙaramar allurar kariya ga masu babban haɗari.

Ko za a tsaya a wata uku, ya danganta da abin da ya jawo ciwon. Na Malam tiyata ce da kwanciya, sun zo sun wuce, don haka da wuya ya dawo, kuma ci gaba da magani zai zama ɗaukar haɗarin zubar jini ba riba. Wanda nasa ya zo haka kawai ba dalili, lissafinsa daban ne: kusan ɗaya cikin goma irinsu yana sake kamuwa cikin shekarar farko da daina magani, don haka akan shawarci da yawansu su ci gaba. Mai ciwon daji yakan ci gaba muddin dajin na nan.

Ciwon yakan bar tabo. Gudan yana lalata marufan cikin jijiya, shi ya sa wasu ke zama da ƙafa mai nauyi da kumburi da yamma, fatar idon sawu ta yi duhu, a wasu har gyambo ya fito. Kaɗan daga waɗanda ya kai wa huhu kuma hakinsu ba ya tafiya bayan wata uku na magani, saboda tsohon guda ya ƙeƙashe a jijiyar huhu. Wannan ba ragowar gajiya ba ce, abin komawa asibiti ne a duba zuciya.

Malam ya cika wata ukunsa, ya koma shago, ƙafarsa na kan keke tana buga famfon da ta saba. Abu ɗaya ne ba zai rabu da shi ba. A ma'aunin Wells, wanda ya taɓa yin ciwon yana da maki ɗaya a ƙafa, ɗaya da rabi a huhu, tun kafin a taɓa jikinsa. Duk ranar da za a sake yi masa tiyata, ko jinya ta kwantar da shi, ko ya biya kuɗin kujerar Makka, kafin a tambaye shi zai ce: "Likita, jini ya taɓa daskare mini a ƙafar hagu."